Na rubuta a sibi cewa zan iya ƙaura ko aiki daga nesa, me ya sa har yanzu nisa yake kayar da ni?

Ɗan'auta:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ɗaukar ma'aikata. Ni akanta ne, shekarata biyar ina aiki, kuma guraben da suka dace da ni yawancinsu suna wani birni ne daban da wanda nake zaune. Saboda haka a layin ƙarshe na sibi ɗina na rubuta: "A shirye nake in yi ƙaura zuwa ko'ina, ko in yi aiki daga nesa." Amma shiru ya fi yawa, wanda ya amsa kuma haƙuri yake ba ni. Wani kamfani ma ya fito fili ya ce sun fi son wanda yake kusa. To ina amfanin layin nan? Ana ma karanta shi kuwa?

Baƙon Zaure:
Wa alaikumus salam. Ba a karantawa, ɗan'uwa. Kwamfuta ce take tacewa, da ta ga adireshinka ba na garinsu ba ne sai ta jefar. Nemi wani aboki ko ɗan'uwa da ke birnin, ka sa adireshinsa a saman sibi, magana ta ƙare.

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Baƙon Zaure, akwai gaskiya a maganarka, amma shawarar adireshin aro ban yarda da ita ba, zan dawo kanta. Ɗan'auta, na daɗe ina aikin tace masu neman aiki, kafin in ce komai ina da tambayoyi. Guraben da kake nema, na zuwa ofis kullum ne, ko na rabi ofis rabi gida, ko na daga nesa gaba ɗaya? Lokacin da kake cike fom, ana tambayarka ko kana zaune a birnin, kuma me kake amsawa? Sannan saƙon ban haƙurin, yaushe yake zuwa, nan take ko bayan kwanaki?

Ɗan'auta:
Na gode Hajiya. Wanda ya fi damuna na rabi da rabi ne, kwana uku a ofis kowane mako. A fom ɗin an tambaya ko ina zaune a inda zan iya zuwa ofis, na ce a'a, tunda gaskiyar ke nan. Na ɗauka in sun buɗe sibi za su ga na ce zan ƙaura. Saƙon kuma washegari da sassafe na gan shi.

Hajiya Babba:
To ka ga inda gizo yake saƙar. Mai yiwuwa ne ƙwarai babu ɗan Adam ɗin da ya buɗe sibinka a wannan gurbin.

Maganar wuri ana yanke ta ne a matakai daban-daban, kuma layin da ka rubuta a mataki ɗaya kawai yake da murya. Kamfanoni da yawa suna karɓar takardu ta manhajoji irin su Workday, Greenhouse ko Lever. Manhajar ba ta zama ta karanta sibinka kamar mutum ta ce wannan ya yi nisa. Abin da take iya yi da kanta shi ne bin amsoshin fom. Mai ɗaukar aiki yana iya saita wata tambaya ta zama sharaɗi, duk wanda ya amsa "a'a" a fitar da shi kai tsaye. Tambayar zama kusa da ofis da ta izinin aiki a ƙasar suna cikin waɗanda aka fi saitawa haka. Ka amsa a'a, aka rufe maganarka a nan, layin da ke ƙarshen shafi na biyu bai samu damar kare ka ba.

Mataki na gaba shi ne lokacin da muke zaɓo waɗanda za mu duba. In takardu sun yi yawa, sai in tace su da gurbin `Location`, in ce a nuna mini waɗanda ke birni kaza da kewayensa. Abin da ke cikin wannan gurbin shi ne abin da ka cike da hannunka, ko abin da manhajar ta tsinto daga saman sibinka. Wanda yake nesa ba a kore shi ba, yana nan a cikin rumbun, sai dai ba ya cikin jerin da ke gabana. In na samu mutum goma masu kyau a jerin, da wuya in koma in buɗe sauran.

Sai a mataki na uku ne ido yake sauka a kan takardar. A nan ma saman shafin farko ake fara gani: suna, gari, aikin da kake yi yanzu. In garin ya saɓa, hukuncin ya fara haɗuwa a kan mai dubawa tun kafin ya kai ƙasa.

Ɗan'auta:
To Hajiya ƙarya zan yi a fom ɗin ke nan? Ni dai ba na zaune a can.

Hajiya Babba:
A'a ƙanina, kada ka yi ƙarya. Ka karanta tambayar da kyau, domin ba iri ɗaya ba ce. Wata tana cewa "kana zaune a nan yanzu?", wata kuma tana cewa "za ka iya zuwa ofis kwana uku a mako?" ko "kana zaune a nan ko za ka dawo nan kafin ranar fara aiki?" Ta biyu da ta uku, in da gaske ka yanke shawarar ƙaura, amsarka ta gaskiya "e" ce. Mutane da yawa suna ganin sunan birnin kawai sai su danna a'a. In kuwa ta farkon ce zalla, kuma babu wurin ƙarin bayani, ka amsa gaskiya, sannan ka nemi mai ɗaukar aikin ta wata hanya ka aika masa gajeren saƙo cewa ga lambar gurbin, ka amsa a'a, amma za ka kasance a birnin daga rana kaza. Yana da ikon dawo da takardar da aka fitar, in ya ga dama.

Uwar Biyu:
Ni ma abin ya taɓa faruwa da ni. Aka ɗauke ni aiki a reshe ɗaya, bayan wani lokaci aka ce an mayar da ni wani reshe mai nisa, ga yara suna makaranta. Da na yi ƙorafi aka nuna mini inda na sa hannu a kwantiragi cewa za a iya tura ni ko'ina. Don haka ni dai ina ganin a daina rubuta irin wannan.

Malam Injiniya:
Allah ya kyauta, Uwar Biyu, abin da ciwo. Sai dai naki sharaɗin canjin wurin aiki ne a cikin kwantiragi, shi ne ya ɗaure ki. Layin sibi ba kwantiragi ba ne. Shi Ɗan'auta ƙofar shiga yake nema tukuna.

Bari in ƙara a kan na Hajiya daga ɓangaren manajan da za a yi aiki a ƙarƙashinsa, domin ni ake kawo wa sunayen bayan an tace. Ɗan'auta, jimlarka tana da aibi biyu ko da an karanta ta.

Na farko kalmar "ko'ina". Idan na ga mai nema daga nesa, abubuwan da nake tsoro sanannu ne: zai daɗe bai fara aiki ba, zai nemi kuɗin ƙaura da ba a ware wa gurbin ba, zai karɓi tayin sannan ya janye idan ya zauna da iyalinsa ko ya ga kuɗin hayar gida, ko kuma ya zo ya yi 'yan watanni kewa ta mayar da shi. "Ko'ina" ba ta amsa ko ɗaya daga cikinsu. Abin da take gaya mini shi ne mutumin bai zauna ya yi tunanin birninmu ba, wannan takardar ce yake aika wa kowa.

Na biyun ya fi muni, wato haɗa ƙaura da aiki daga nesa a jimla ɗaya. Kai kana ganin ka nuna sauƙin kai ne. Ni kuma da nake neman wanda zai zauna a ofis kwana uku, musamman akanta da za a buƙace shi lokacin rufe lissafin ƙarshen wata, abin da nake karantawa shi ne: wannan daga nesa yake so, ƙaurar ta dole ce, kuma da ya samu gindin zama zai fara roƙon a rage masa kwanakin ofis. Ƙila ba haka kake nufi ba, amma ba ka wurin balle ka fassara kanka.

Ɗan'auta:
Wallahi ban taɓa kallonsa ta nan ba. To yaya ya kamata ya kasance?

Malam Injiniya:
Ka ɗauke shi daga ƙasa ka kai shi sama, kusa da sunanka, a layin da garinka yake. Ka ambaci birnin da sunansa, ka sa lokaci. Misali: "Mazauni: gari kaza. Zan koma birni kaza, zan iya fara aiki a ofis makonni shida bayan tayi." Makonni shidan kada ka ƙaga su, ka lissafa. In kwantiraginka na yanzu ya ce notis na wata ɗaya, ga makonni huɗu sun tafi, ka ƙara biyu na neman masauki da kwashe kaya. In za ka iya neman gidan a cikin watan notis ɗin, sai ka rubuta biyar. Idan aka kira ka a waya aka tambaye ka yadda ka samu wannan adadin, kana da amsa, kuma daga amsar ake gane wanda ya shirya.

In kana da abin da ya haɗa ka da birnin, ka faɗe shi a wasiƙar da ke raka sibi cikin jimla ɗaya: a can ka yi karatu, ko ka taɓa aiki a can, ko kana da inda za ka sauka. Wannan shi ke kwantar da tsoron cewa za ka gudu. Ka kuma ce za ka iya zuwa intabiyu ido da ido in an ba ka sanarwar 'yan kwanaki. Maganar aiki daga nesa kuwa ka cire ta ɗungurungum daga wannan sibin. Ka ajiye wani kwafin daban domin guraben da su da kansu suka ce daga nesa ne.

Baƙon Zaure:
Duk wannan dogon zance ne, Malam. Hajiya da bakinta ta ce ana tacewa da gari. In ka rubuta garinka na gaskiya, ai ba ka ma shiga jerin ba, wa zai ga makonninka shida? Ni na san waɗanda adireshin aro ya yi musu rana.

Hajiya Babba:
Ban musa ba, yana shigar da mutum jerin. Abin da ke biyo baya ne matsalar. Sibin da kansa yakan tona asiri, domin aikin da kake yi yanzu yana ɗauke da sunan wani gari kuma ka rubuta "har zuwa yau". Ko ban lura ba, tunda na ɗauka kana kusa, zan iya cewa ka zo gobe da ƙarfe goma, kuma in tsara ranar fara aikinka ba tare da lokacin ƙaura ba. In kamfanin yana da alawus na ƙaura, ka fitar da kanka daga ciki da hannunka. Kuma ranar da aka zo tantance takardu aka ga saɓani, tambayar ta tashi daga ta nisa ta koma ta amana. Akanta ne fa, kuɗin mutane za a damƙa masa.

Akwai hanyar shiga jerin ba tare da aro ba. Wasu fom ɗin suna raba inda kake zaune da inda kake son aiki, to ka cike na biyun, kada ka tsallake shi don ba dole ba ne. A LinkedIn kuma akwai `Open to Work`, inda kake zaɓar wuraren da kake so da nau'in aikin, `On-site`, `Hybrid` ko `Remote`, kuma kana iya sa masu ɗaukar aiki kaɗai su gani. Mai bincike ta manhajar LinkedIn ta ɗaukar ma'aikata yana iya faɗaɗa neman ya haɗa da waɗanda suka nuna suna son komawa birnin. Wannan gurbi ne da na'ura take iya tacewa da shi, jimlar cikin sibi kuwa sai an karanta.

Ƙanwar Kowa:
Anti Hajiya, ni tawa ta ɗan bambanta. Ni zanen manhajar waya nake yi, kuma guraben daga nesa kawai nake nema, na kamfanonin wasu ƙasashe. Tallar ta ce `Remote` ƙarara, na rubuta cewa na saba aiki daga nesa, amma sai a ce wurin da nake bai dace ba. In daga nesa ne, ina ruwansu da inda nake kwana?

Hajiya Babba:
Da ruwansu, ƙanwata, kuma yawanci ba manajan ne ya ƙi ki ba. Kamfani ba ya iya sa mutum a jerin albashi a ƙasar da ba shi da rajista. Akwai harajin albashi, akwai kuɗin fansho da inshora, akwai dokar ƙwadago, kuma a mafi yawan lokuta dokar inda ma'aikaci yake zaune yana aikin ce take hawa kansa. Shi ya sa "daga nesa" sau da yawa ma'anarsa daga nesa a cikin ƙasa kaza, wani lokaci ma a cikin wasu jihohi kawai. Ki duba ƙasan tallar, galibi a nan suke lissafa wuraren. In ƙasarki ba ta ciki, hanya biyu ce ta rage: su ɗauke ki a matsayin 'yar kwangila mai zaman kanta, ko su bi ta wani kamfani na tsakiya da ke da rajista a ƙasarki ya riƙe ki a takarda ya biya ki albashi, su kuma su biya shi ladarsa. In ba su saba yin ɗayan biyun ba, babu jimlar da za ki rubuta ta canja wannan. Ƙaura zuwa wata ƙasa ma haka take, shirin mutum ba ya maye gurbin biza da izinin aiki.

Malam Injiniya:
Sai kuma agogo, wanda shi kina da abin yi a kai. A ce ƙungiyar tana UTC-5, wato awa biyar a bayan agogon duniya na UTC, suna aiki tara na safe zuwa biyar na yamma, ke kuma kina UTC+1, awa ɗaya a gabansa. Tazarar awa shida ce, taransu na safe ukunki ne na yamma. In kina tashi aiki ƙarfe biyar, awa biyu kacal kuka haɗu. In sun ce suna son haɗuwar awa huɗu, sai kin kai bakwai na dare, wato ki fara sha ɗaya na safe. To a rubuta wannan a saman sibi: ina UTC+1, ina iya aiki 11:00 zuwa 19:00 agogona, haɗuwar awa huɗu da UTC-5. Ki tuna wasu ƙasashe suna matsar da agogo da awa ɗaya a wani ɓangare na shekara, don haka lissafin yana motsawa. Sannan maimakon "na saba aiki daga nesa", ki rubuta shi a jikin aikin da kika yi a haka, ki nuna shekarun da inda sauran ƙungiyar suke. Wannan shaida ce da za a iya tambayar tsohon manajanki a kai.

Ƙanwar Kowa:
Na gode Malam. Bakwai na dare zan iya. Amma in ce a shirye nake a ɗauke ni a matsayin 'yar kwangila, ko wannan zubar da daraja ne?

Hajiya Babba:
Ba zubar da daraja ba ne, amma ki san abin da kike sayarwa. 'Yar kwangila galibi ba ta da hutu mai albashi ko fansho daga gare su, harajinta yana wuyanta, kuma sallamarta ta fi sauƙi. In kin lissafa kin ga ya yi miki, ki faɗa, domin yana cire musu babban shinge.

Ɗan'auta, saura yadda za ka gane inda kake faɗuwa nan gaba. Ban haƙurin da ya zo cikin mintuna ko awanni, musamman a lokacin da ba a aiki, alama ce ta tambayar fom. Amma ba tabbas ba ne, domin ana iya saita saƙon ya jinkirta kwana biyu ko uku don kada ya yi kama da na na'ura. Shiru na tsawon lokaci ya fi kama da wanda bai shiga jerin da aka duba ba. In kuwa ana kiranka a waya, ana tambayar yaushe za ka dawo da ko iyali sun amince, sannan a yi shiru, to layin ya yi aikinsa, amsoshinka ne ba su gamsar ba, ko kuma an samu na kusa mai ƙwarewa daidai da taka. Wannan na ƙarshen ba ka da maganinsa. In mutum biyu sun yi kunnen doki, na kusa ne ke ɗauka kusan kullum. Shirin ƙaura ya fi tasiri a gurbin da ƙwarewarsa take da wuyar samu a garin.

Ɗan'auta:
Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya ta rage. In ƙara da cewa da kuɗina zan yi ƙaurar?

Malam Injiniya:
Ni na ce ka rubuta, in da gaske za ka iya. A matakin akanta mai shekara biyar, sau da yawa ba a ware kuɗin ƙaura ba, kuma da na ga "ba na buƙatar tallafin ƙaura" na daina lissafa ka a matsayin mai tsada.

Hajiya Babba:
Nan kam mun rabu, Malam. Me zai sa ya yafe abin da ba a ma tambaye shi ba? Akwai kamfanonin da ke da alawus ɗin a tsarinsu, ana ba duk wanda ya zo daga nesa. In tallar ta ce babu tallafin ƙaura, to ya rubuta, don a san ya gani kuma ya yarda. In tallar ta yi shiru, shi ma ya yi shiru har a zo maganar tayi.

Malam Injiniya:
Hajiya, sai ya kai matakin tayin ne zai yi ciniki. Yanzu ko waya ba a kiransa. Kuma wannan alawus ɗin da kike so ya riƙe, yawanci da igiya yake zuwa: in ka bar aikin kafin shekara ɗaya ko biyu sai ka mayar da shi, duka ko wani kaso.

Hajiya Babba:
Igiyar tana nan, amma ana karanta ta kafin a sa hannu, kuma mai niyyar zama ba ta cutar da shi. Ni dai a wurina ban taɓa fitar da mutum don bai ce zai biya wa kansa ba. In ina son sa, a waya nake tambaya.

Uwar Biyu:
Ni kuma zan ce ya fara duba kuɗin hayar birnin da na makarantar yara in yana da su, ya auna da albashin, kafin ya rubuta ko wanne. Kada a ba shi aikin ya zo ya kasa zuwa.

Baƙon Zaure:
To in ya cire sunan gari gaba ɗaya daga sibin fa? Ba aro, ba ƙarya.

Hajiya Babba:
Fom zai tambaye shi duk da haka, kuma garin aikinsa na yanzu yana nan a rubuce. Wasu abokan aikina ba sa damuwa in babu gari, ni kuwa in ban gani ba a gurbin zuwa ofis, sai in ɗauka nesa yake, kuma ba ni da ranar da zan riƙe. Malam, ku a wajenku yaya kuke yi da sibin da babu gari?